Imel ɗin godiya bayan intabiyu: me ake rubutawa a ciki?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau Alhamis aka yi min intabiyu a wani kamfanin rarraba magunguna a nan Kano, aikin kula da sito. Mutum uku ne a kwamitin: shugaban sito, wata daga sashen ma'aikata, da akanta. Sun ce zan ji daga gare su nan da mako biyu. Ƙawata ta ce in tura musu imel na godiya, ni kuma abin ya min banbaraƙwai. Ba a ba ni aiki ba, godiyar me zan yi? In kuma da gaske ana yi, me ake cewa a ciki?

Nura: Wa alaikumus salam. Ana yi mana, kuma kada ki bari ya kwana biyu. Ki gode musu, ki sake lissafo duk karatunki da wuraren da kika yi aiki, ki liƙa takardunki a jiki, ki nuna musu kin fi kowa son aikin nan. Masu nema suna da yawa, wanda ya fi tuna musu da kansa shi ake tunawa.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, ki yi hankali. Kai wa masu ɗaukar aiki wani abu da sunan godiya kafin sakamako ya fito, wannan toshiyar baki ce, ko me aka kira shi. Ki bar wa Allah, in rabonki ne ba mai hana ki.

Rukayya: Baba ba kaya zan kai ba, wallahi. Saƙo ne kawai na rubutu.

Baba Ɗanjuma: To, na fahimta yanzu. Amma ni a ma'aikatar da na yi aiki har na yi ritaya, wasiƙa irin wannan magatakarda ne zai karɓa, ya buga mata hatimi, ya jefa a fayil. Waɗanda suka zauna da ke ba za su ma san ta zo ba.

Anti Bilki: Baba ya yi gaskiya a kan aikin gwamnati, musamman yanzu da yawancin ɗaukar aikin tarayya ta shafin intanet ake yi, babu ma wanda za ka rubuta wa. Amma kamfani ne Rukayya ta je, kuma wanda zai zama maigidanta yana cikin waɗanda suka zauna da ita, don haka lamarin ya bambanta. Aikina ke nan, sashen ma'aikata, irin waɗannan saƙonni suna ratsawa ta hannuna.

Nura, maganar lokaci ka yi daidai, sauran kuwa a'a. Takardunta suna gabansu, da su aka kira ta. Sake turo su ba ya ƙara komai, sai dai ya sa a yi tunanin ko akwai abin da ta canza a ciki.

Rukayya, kafin a rubuta ko kalma ɗaya, ki ba ni amsar wannan. A cikin hirar, wace matsala ce su da kansu suka ambata cewa tana damun su? Ba abin da ke cikin tallar aikin nake nufi ba, abin da ya fito daga bakinsu.

Rukayya: Shugaban sito ya ce abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne magani yana ƙare wa'adi a kan kanta ba wanda ya lura, sai an zo ƙidayar ƙarshen wata a tarar da kwalaye sun wuce lokaci. Ya maimaita maganar sau biyu, har akantan ya sa baki ya ce asarar tana fitowa a littafinsa.

Anti Bilki: Madalla, kin riga kin samu abin rubutawa. Yanzu ke kuma, a inda kike aiki, kin taɓa yin wani abu a kan wannan matsalar da hannunki?

Rukayya: Eh Anti. A shagon sarin maganin da nake, na buɗe shafin Excel, duk kayan da ya shigo ina rubuta sunansa, lambar rukuninsa da ranar ƙarewar wa'adinsa. Akwai layi ɗaya da ke lissafa kwanakin da suka rage, D2 shi ne gurbin da na rubuta ranar ƙarewar:

```
=D2-TODAY()
```

Wanda ya rage masa ƙasa da kwana 180 sai ya zama ruwan ɗorawa, ƙasa da 90 ya zama ja. Duk Litinin ina fitar da jerin jajayen in ba masu sayarwa su fara da su, wanda kuma muka ga ba zai tafi ba a yi wa dila magana da wuri ko zai karɓa ya canza.

Anti Bilki: Kin faɗa musu wannan?

Rukayya: Na ce na iya Excel, sai aka wuce zuwa wata tambayar.

Anti Bilki: To ga amfanin imel ɗin nan. Duk wanda ya shiga ɗakin nan yau ya ce ya iya Excel. Ke kuwa kina da abin da ya dace daidai da ciwon da mutumin ya faɗa da bakinsa, kuma bai ji shi ba. Godiyar layi ɗaya ce, ita ce ke ba ki hujjar rubutawa. Abin da za a karanta a tsaya a kansa shi ne tsakiyar: kun ce kaza yana damun ku, ni kuma ga abin da na yi a kan irinsa. Abu ɗaya tak, kada ki haɗa uku.

Aminu Sito: Bari in sa baki ta ɓangaren sana'ar, tunda ita nake yi. Ƙanwata, ki kula da yadda za ki faɗe shi. Masu sito da yawa sun saba da cewa kayan da ya fara shigowa shi ke fara fita. A magani wannan ba ya wadatarwa, domin kayan da aka kawo jiya yana iya riga wanda aka kawo wata uku baya ƙare wa'adi, ya danganta da rukunin da dila ya turo. Abin da ake bi shi ne wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara fita. Idan shugaban sito ya ga kin rubuta haka, ya san kin taɓa tsayawa gaban kanta, ba a takarda kika karanto ba. Kuma asarar ba kuɗin maganin kaɗai ba ce. Wanda ya ƙare ba a zubar da shi a bola, sai an ware shi gefe, an rubuta, an bi ta hannun NAFDAC kafin a lalata shi, ga wurin da yake tarewa kafin nan. Shi ya sa akantan ya sa baki.

Nura: To ai sai ta sa adadi. Ta ce ta rage asara da kashi 70 cikin ɗari. Adadi yana jan ido.

Rukayya: Yaya Nura ban taɓa lissafawa ba. Na dai san ta ragu sosai.

Anti Bilki: In ba ki lissafa ba, kada ki rubuta. Abin da kika faɗa da baki a ɗakin hira yana iya shuɗewa, wanda kika rubuta kuwa yana nan da kwanan wata a kansa. In suka kira maigidanki na yanzu don jin shaida suka karanto masa kashi 70, ya ce shi bai san wannan ba, kin jawo wa kanki tambayar da ba a yi miki ba. Kwana 180, kwana 90 da ranar Litinin su ma adadi ne, kuma naki ne, ko da tsakar dare aka tashe ki za ki iya bayaninsu. Sannan kada ki ambaci kuɗin da shagonku ya yi asara ko sunayen dilolinku. Mai karantawa zai ce gobe haka za ta yi da namu.

Usman: Ni ina zama a kwamitin intabiyu a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, kuma gara in faɗa muku yadda abin yake a wurinmu don kada a ɗora buri da yawa. Kowane ɗan kwamiti yana da takardar maki, tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowa, ana fita da mutum muke rubuta makinsa. Kafin mu tashi an haɗa, an sa hannu, an miƙa. Imel ɗin da ya zo washegari ba ya taɓa maki ko ɗaya, kuma sau da yawa ba a ma turo mana shi, da gangan, don kada a ce an fifita wani. Wasu tallace-tallacen aiki ma suna rubutawa ƙarara cewa duk wanda ya nemi kamun ƙafa za a cire shi.

Hassana: To Malam Usman ke nan ɓata lokaci ne?

Usman: A irin wurinmu, kusan haka ne, in dai makin ake magana. Ba ya cutarwa in gajere ne kuma ta hannun sashen ma'aikata ya bi. Wanda ke cutarwa shi ne a nemo lambata a turo min saƙo a WhatsApp da daddare. Wannan dole in sanar, domin in na yi shiru ni ma na shiga ciki.

Anti Bilki: Ban musa ba, ƙungiyoyi haka suke. Amma kamfanin 'yan kasuwa da ya ce mako biyu, yawanci bai gama ganin mutane ba, ko kuma za a kai sunaye biyu ko uku gaban mai kamfani. A irin wannan tsakanin ne shugaban sito ke cewa ni wance nake so. Imel ba zai ɗaga wanda ya faɗi ba, ban taɓa ganin haka ba. Inda na ga yana aiki shi ne mutum biyu sun yi kusa da juna, ko na farko ya ƙi karɓar albashin aka koma neman na biyu.

Rukayya: Akwai wani abu kuma. Akantan ya tambaye ni, in katin lissafin kaya ya nuna kwali 200 na ƙirga na samu 188, me zan yi. Na ce zan sanar da shugaba. Ya yi shiru kamar yana jiran ƙari, ni kuma kaina ya ɗaure. In gyara amsar a imel ɗin?

Aminu Sito: Ya jira ƙari kam. Sanar da shugaba daidai ne, amma shi ne na kusan ƙarshe. Da farko ki sake ƙirgawa, gara da mutum na biyu. Sai ki duba ko kwalayen nan 12 suna wata kanta, ko an haɗa su da wani rukunin mai kama da su. Sai ki bi takardun fitar da kaya tun daga ƙidayar da ta wuce, domin yawancin giɓi irin wannan kaya ne da ya fita ba a shigar a kati ba, ko wanda aka dawo da shi aka ajiye gefe. In duk an bi ba a gani ba, sai ki rubuta rahoto. Abin da akanta yake son ji da kunnensa shi ne ba za ki goge 200 ki rubuta 188 da kanki ba sai an amince a rubuce.

Rukayya: Wallahi haka muke yi a shago, bakina ne kawai ya mutu.

Usman: Ni dai shawarata kada ki sa. An yi tambaya, kin ba da amsa, an ba da maki. In cikakkiyar amsa ta zo bayan kwana ɗaya, abin da zan ɗauka shi ne kin je kin tambayo. Kuma ga shi kin tambayo ɗin. Bayan haka kina tuna musu da inda kika yi rauni, alhali wataƙila sun manta.

Anti Bilki: A nan mun rabu da Malam Usman, amma ba da nisa ba. Akantan da ya yi shiru yana jira bai manta ba. Ni zan bari ta sa, da sharaɗi biyu. Kada ya wuce jimla biyu, kuma babu ban haƙuri a ciki, babu “na rikice”, babu “ban amsa da kyau ba”. Ta kawo shi a matsayin ƙari kan abin da ta faɗa, tunda abin da ta faɗa ba kuskure ba ne, bai dai cika ba. Da a ce amsar ta kauce gaba ɗaya, misali an tambaye ta sanyin da ake ajiye insulin ta kasa cewa tsakanin digiri 2 da 8, da na ce ta bar shi, domin wannan kowa ya san dubawa aka yi.

Usman: Ban gamsu ba, amma ita za ta zaɓa.

Rukayya: Ga abin da na rubuta, da Hausa tukuna, in ya yi sai in juya shi Turanci:

“Ranku ya daɗe, ina matuƙar godiya da wannan babbar dama da kuka ba ni. Na daɗe ina mafarkin aiki a kamfani mai daraja irin naku. Ni mai ƙwazo ce da riƙon amana, kuma na iya Excel sosai wajen kula da wa'adin magani. Ina roƙon ku taimaka ku duba ni, domin ni ce babba a gidanmu. In kun ba ni dama ba za ku yi da-na-sani ba.”

Nura: Ya yi kyau, akwai ladabi.

Anti Bilki: Akwai ladabi, amma ki cire maganar Excel da wa'adin magani ki sake karantawa, za ki ga mai neman aikin direba ma zai iya tura shi haka. Ƙwazo da amana kowa yana cewa yana da su, ba a gane su a rubutu. Maganar ke ce babba a gida kuma, na san gaskiya ce, kuma a tsakaninmu ba abin kunya ba ce, amma tana juya saƙon ya koma roƙo. Mutumin da maganinsa ke lalacewa a kanta mai cire masa matsala yake nema. Ga yadda zan so ya kasance:

“Malama, barka da safiya. Na gode da lokacin da ku da sauran 'yan kwamiti kuka ba ni jiya Alhamis a kan aikin kula da sito.

Maganar da shugaban sito ya yi game da magungunan da ke ƙare wa'adi kafin a lura ta tsaya min a rai, domin irin aikin da nake yi ke nan yanzu. Ina rubuta kowane rukuni da ranar ƙarewarsa a Excel, shafin yana nuna wanda ya rage masa ƙasa da kwana 180 da kuma ƙasa da 90, duk Litinin kuma ina fitar da jerin don wanda wa'adinsa ya fi kusa ya fara fita. Zan so in yi irin wannan a sitonku.

Ƙari kan tambayar bambancin kati da ƙidaya: kafin in kai rahoto nakan sake ƙirgawa in bi takardun fitar da kaya, kuma ba na gyara kati sai da amincewa a rubuce.

Ina nan a kan sha'awar aikin. Don Allah a isar da godiyata ga sauran 'yan kwamitin.”

Sai cikakken sunanki da lambar wayarki a ƙasa. In kin bi ra'ayin Malam Usman, ki cire sakin layi na uku, sauran yana tsayawa da ƙafarsa.

Aminu Sito: Anti, “zan so in yi irin wannan a sitonku” ɗin nan, a ɗan sassauta. Kamfanin rarrabawa zai yi wuya a ce ba shi da manhajar lissafin kaya. In ta nuna kamar za ta zo ta ɗora musu Excel ɗinta, shugaban sito zai ji kamar an ce bai san aikinsa ba. Ta ce za ta so ta ga yadda suke bin wa'adi yanzu, ta ga inda wannan zai taimaka.

Anti Bilki: Na karɓa, taka ta fi tawa. Rukayya ki sa ta Aminu.

Rukayya: To wa zan tura wa? Imel ɗin ta sashen ma'aikata kawai nake da shi, wanda aka gayyace ni da shi. Amma wani ɗan unguwarmu yana aiki a can, zai iya samo min lambar shugaban sito.

Usman: Kul. Abin da na gama faɗa ke nan.

Anti Bilki: Ki bar ɗan unguwarku ya huta. Ki buɗe imel ɗin gayyatar ki danna Reply, kada ki canza kan saƙon, don ta gane ki nan take ba sai ta nemo ko wace Rukayya ba ce. Ki duba adireshin tukuna, in kin ga noreply a cikinsa ba mai karantawa, sai ki nemi wanda aka ba da don tuntuɓa a cikin saƙon. In 'yan kwamitin suna cikin Cc na gayyatar, wato layin waɗanda aka tura wa kwafi, Reply All ya halatta, tunda su suka sa kansu. Amma in kin ga adireshin wasu masu neman aikin a jere a wurin, wanda yakan faru, kada hannunki ya kusanci Reply All.

Lokaci kuma, kada ki tura shi yanzu da dare ya yi. Ki rubuta, ki kwana, ki sake karantawa da safe, ki tabbatar kin rubuta sunan matar yadda ita ta rubuta shi a ƙasan saƙonta. Ki tura wajen ƙarfe tara, kafin ofis ya watse don sallar Juma'a. In kina tsoron mantuwa ko rashin sabis, Gmail yana da Schedule send, ki sa masa lokaci ya tura da kansa.

Baba Ɗanjuma: Maganar albashi fa? Ba ta tambaya a ciki? Mu da ba mu tambaya ba mun ga abin da muka gani.

Anti Bilki: Ba a wannan ba, Baba. In sun kira ta da tayi, lokacin bakinta yake da nauyi.

Hassana: Ni tawa daban ce. Ranar Litinin aka yi min tawa, aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi, ban tura komai ba. Lokaci ya wuce ke nan? Kuma su duk maganarmu ta WhatsApp aka yi ta, shugabar makarantar da kanta ta turo min gayyata a can.

Anti Bilki: In ba su sanar da sakamako ba, bai wuce ba, sai dai ƙarfinsa ya ragu. Ki tura gobe, kada ki ɓata layi wajen ba da uzurin jinkiri. Tunda ita ta buɗe hanyar WhatsApp, ki amsa ta nan, a rubuce ba da saƙon murya ba, kuma da rana. Amma ke ma tambayar ɗaya ce: me shugabar ta ce yana damun ta?

Hassana: Gaskiya ba ta ce komai ba. Ta sa na koyar da 'yan aji uku na minti ashirin, ta zauna a baya tana rubutu, ta ce za su neme ni.

Usman: To kin gani. Ba kowace hira ce ke ba da abin kamawa ba. Layi biyu na godiya ya ishe ki.

Anti Bilki: Wataƙila. Amma ta tsaya gaban yaran minti ashirin, ba za a rasa abin da ta lura da shi ba. Hassana, wane darasi kika koyar, kuma a ina yaran suka tsaya?